Garin da Baba ya ƙi bayarwa

Da farko duk gidanmu sun tafi a kan cewa tambayar da ɗan Gwaggo ya kawo cuta ce, ba ta da amsa. Ba haka ba ne. Amsa tana nan, su ne suka ƙi buɗe baki su tambaya.

Da sallar layya ya zo mana Argungu daga unguwar Gesse ta Birnin Kebbi, yana shekararsa ta farko a foliteknik, yana taku kamar shi ya gina ta. Bayan la'asar muna tsakar gida, Baba yana gyaran homa, ragar kamun kifinsa, sai taubashin nawa ya gyara zama.

"Kawu, ga wata ta mutanen ruwa. Mutum biyu cikin kwalekwale, ɗaya gwanin iyo, ɗaya bai iya ba. Kwalekwale ya kife tsakiyar gulbi. Gwanin ya mutu, ɗayan ya fito lafiya. Me ya faru?"

Mu kacici-kacicin da muka sani, ko ka faɗi amsa, ko ka ba da gari a faɗa maka. Haka suka yi wa wannan. Inna ta ce kada ne. Ya ce a'a. Ta ba shi Augie. Yayata ta ce mutanen ɓoye, ta ba da Zauro. Ya karɓe, ya ce ba zai faɗa ba sai Kawu ya ba da nasa, kuma Argungu yake so.

Baba a cikin ruwan nan ya yi furfura. Ya ce wanda bai iya ba ya rungumi gora, gwanin ya sarƙe cikin taru, babbar ragar masunta. A'a. Ya ce jijiya ta riƙe masa ƙafa. A'a. Kowace a'a da 'yar dariya take fitowa, ga matan maƙwabta sun fara leƙowa ta katanga. Na ga hannun Baba ya tsaya a kan homa. Ɗan ƙanwarsa zai sa shi ya ce bai san gulbi ba, a gaban iyalinsa.

Inna ta ce, "Wannan zalunci ne. Labarin bai cika ba."

Nan kam ta yi gaskiya. Da gangan ake cire tsakiyar irin wannan labarin, a bar maka kai da ƙafa. Kai kuma sai ka cike gurbin da abin da ka saba gani, ka manta kai ka zuba shi. Shi ya sa in an faɗi amsa kake jin an cuce ka. Na taɓa yin irinta a sakandare, kuma na san abin da ɗan bokon namu ya ɓoye: ana yin tambaya, mai labari ya amsa da e ko a'a.

Na ce, "Kai, ana tambaya ko ba a yi?"

"Wa ya hana ki?"

"Wa ya gaya muna?"

Na ɗauki maganarsa ɗaya bayan ɗaya, ina ware abin da ya faɗa da abin da muka ƙara. Ya ce ya mutu. Bai ce ruwa ya ci shi ba.

"Nutsewa ya yi?"

"A'a."

"Wanda ya fita, wani ya cece shi?"

"A'a."

"Ruwan ya fi ƙarfin tsayinsa?"

"A'a."

Baba ya ɗago. "Ashe da rani ne. Takawa ya yi ya fita."

Saura gwanin. Dukkanmu mun jera abin yadda aka faɗa: kifewa, sannan mutuwa. Ba wanda ya ce mana haka aka yi.

"Lokacin da kwalekwalen ya kife, yana da rai?"

Dariyar ta ɗauke. "A'a."

Amsa tana bakina, na haɗiye, na bar wa Baba. Baba ya ajiye homa.

"Shi ke tuƙi a tsaye. Ajali ya same shi, ya faɗi gefe guda, nauyinsa ya kifar da jirgin." Ya dubi yaron. "Argungu tana nan inda take, ɗana."

Inna ta ce a mayar mata da Augie. Yaron ya ce abin da aka ci an ci.

Har yanzu haushin su duka nake ji. Shi ya ɓoye ƙa'ida don ya ga manya suna lalube, ya kira wannan basira. Su kuma sun gwammace su kira kada da aljanu, su rabar da garuruwa, da su ce "shin nutsewa ya yi?" A wurinsu tambaya nuna kasawa ce, ba da gari kuwa wasa.

Na shirya tawa, a kan mai albasa da jakinsa. Ranar da Inna za ta aike ni Birnin Kebbi da busasshen kifin Gwaggo, zan zaunar da shi gaban uwarsa. Ƙa'ida zan fara gaya masa, a fili, don kada ya sami abin fakewa. In ya kasa, Augie da Zauro zan karɓo, in haɗa da Gesse.