Aikin da Bankole Ya Samu a Waya

Bankole Ajeigbe mai kula da sito ne a wata masana'antar roba a Ibadan, mutum mai sanyin hali da aka san shi da riƙon amana. Da masana'antar ta rufe, gidan ya koma kan tukunyar amalar da matarsa Labake ke sayarwa a unguwar Molete, shi kuma ya koma latsa waya yana neman aiki.

Wata rana ya ga talla a zauren WhatsApp na tsofaffin abokan aiki: wani kamfanin magunguna na neman mai sito. Ya tura takardunsa. Wata da ta kira kanta jami'ar ɗaukar ma'aikata ta ce ya koma Telegram, can za a yi ganawar. Ba kira, ba bidiyo, rubutu kawai. Kafin la'asar aka ce ya ci.

"Baban Tobi, wane irin aiki ne ko muryarka ba su ji ba?" in ji Labake. "Ni ko 'yar wanke-wanke zan ɗauka sai na ga idonta."

"Ke dai tuƙa amalarki, zamani ne," ya ce yana dariya.

Sai aka nemi hoton katin ɗan ƙasa, lambar BVN, lambar asusunsa, da hotonsa riƙe da katin, wai don tsara albashi. Wasu lambobi suka shigo wayarsa ta saƙon tes, matar ta ce ya turo maza kafin su lalace. Ya tura. Washegari hirar duka ta ɓace.

Bai san an buɗe sabon asusu da sunansa a wani bankin waya ba, sai ranar da ATM ya ƙi ba shi ko sisi. A banki aka ce masu neman aiki da dama sun zuba kuɗin rajista a asusun nan, sun kai ƙara, an rufe duk wani asusu da ke kan BVN ɗinsa.

"Wallahi ni ma neman aikin nake!"

"Yallaɓai, fuskarka ce a nan," in ji wata ma'aikaciyar bankin, ta juyo masa da kwamfuta. Ga shi nan riƙe da katinsa, yana murmushi.

'Yan sanda suka kama shi, daga baya suka ba da belinsa, amma duk Litinin sai ya je ya nuna kansa. Banki na jiran rahoton 'yan sanda, 'yan sanda na jiran hirar da aka goge. Wani ɗan kasuwa a unguwar Dugbe ya so ɗaukarsa, da ya ji labarin ya ce a bari tukuna.

Yanzu Bankole ne ke zuba wa masu ciniki miya a rumfar Labake. In baƙuwar fuska ta tsaya ta tambayi sunansa, sai ya ɗan yi jim kafin ya amsa.