Sifilin da Baba Tanki Ya Soke

Shekara ashirin da bakwai Baba Tanki ya yi yana buɗe ɗakin gwajin ruwa na sashen injiniya da ƙarfe bakwai na safe. Ɗalibai ne suka laƙaba masa sunan, har matarsa ma in ya ɓata mata rai da shi take kiransa. Ɗakin dogo ne mai warin tsatsa, da famfuna uku, da kwata ta gilashi mai tsawon taku goma, da kuma wani tanki mai zagaye wanda ke da rami a tsakiyar gindinsa. Duk bawul ɗin da ke ɗakin, wato abin buɗewa da rufe ruwa a bututu, yana ɗauke da 'yar takarda da rubutun hannunsa. In famfo ya yi tari, daga bakin ƙofa yake sanin wanne ne.

Takarda ce dai ba shi da ita. Da shaidar koyon gyaran famfo aka ɗauke shi, a zamanin da ake duban hannu kafin a dubi fayil. Sai ga sabuwar doka: duk ma'aikacin ɗakin gwaji ya kawo difloma cikin shekara uku, ko ya ajiye makulli. Gidan da yake zaune na ma'aikata ne, ɗaki biyu da falo, nan aka haifi 'ya'yansa huɗu, nan kuma mahaifiyarsa ke kwance ba ta tashi. In makullin ɗakin gwaji ya tafi, na gidan ma ya bi shi.

Ya shiga ajin yamma, da furfurarsa da komai, ya zauna cikin sa'annin 'ya'yansa. Gemu ba ya hana ilimi, haka kowa ya riƙa ce masa, kuma masu faɗin babu wanda ya taɓa zama ya yi kokawa da lissafin kalkulas yana ɗan shekara hamsin da huɗu. Ya ci darussa goma sha ɗaya da kyar da jiɓin goshi. Saura ɗaya, kuma abin takaici, darasin motsin ruwa ne, ruwan da ya yi wa bauta duk rayuwarsa. Sau biyu yana faɗuwa. Wannan ne zamansa na uku, kuma ba a zama na huɗu.

"Kai da ruwa ke gaishe ka da safe," in ji matarsa, tana ninke masa riga. "Me suke tambaya ne haka?"

"Suna tambaya ko yana juyawa."

"To ba ka da ido ne?"

"Idon ne matsalar, maman yara. Ba zagayen da ido ke gani suke nufi ba."

Gaskiya ya faɗa. Akwai wani ɗan abu da shi da kansa ya ƙera: toshiyar kwalba, da fukafukai huɗu na gwangwani a gicciye ta ƙasa, da jar kibiya a sama. Ɗan-leƙe yake ce masa. In ya saka shi cikin kwatar gilashi kusa da bango, ruwa na tafiya sambal, amma ɗan-leƙe yana tafe yana juya kibiyarsa, domin ruwan gefen bango ya fi na tsakiya nawa, sai gefe ɗaya ya fi turo shi. Wannan juyin da ɗigon ruwa ke yi a kan kansa shi malamai ke kira botisiti. In kuma ya cire toshiyar tanki ruwa ya kama zagaye ramin, sai ɗan-leƙe ya yi ta kewaye tanki, kibiyar na kallon taga ba ta ko gezau. Ruwa na zagaye, amma marar juyi ne. Ɗalibai sai su buɗe baki, shi kuwa ya gyara tsayuwa.

Yana da wata ɗabi'a guda. Da ɗan-leƙe ya doshi tsakiya, sai ya sa 'yar raga ya kwashe shi. A shekararsa ta farko ramin ya taɓa haɗiye masa ɗaya, ya kwana biyu yana kwance bututu shugaban sashe na tsaye a kansa. Tun daga ranar bai ƙara barin komai ya kai bakin ramin ba.

Ranar jarrabawa ya shiga da biro uku. Tambayoyin farko ya taɓa abin da ya taɓa, ya san dai bai tara abin kirki ba. Ta ƙarshe ce mai tsoka. An ba da gudun ruwa ta fuska biyu: u daidai da −Ky/(x²+y²), v daidai da Kx/(x²+y²). Kashi na farko, a nuna ko ruwan marar juyi ne. Na biyu, a nemo sakuleshan a kan da'irar da ta kewaye tsakiya, wato jimillar gudun ruwa in aka bi layin da'irar har aka dawo.

Ya yi bisimilla ya fara. Ya nemo yadda v ke sauyawa ta x, ya samu K(y²−x²) bisa (x²+y²)². Ya nemo yadda u ke sauyawa ta y, sai ga abu iri ɗaya sak. Ya cire wannan daga wancan, sifili. Ya rubuta da manyan baƙaƙe: marar juyi ne. Har wani sanyi ya ji a ransa.

Kashi na biyu ma bai ba shi wuya ba. Gudun ruwa a kan da'irar K/r ne, inda r ke nufin nisan da'irar daga tsakiya, tsawon da'irar 2πr, in aka ninka r ta cinye r, saura 2πK.

Nan ya tsaya. Ya haddace wata ƙa'ida kamar sunansa: sakuleshan a kan da'ira daidai yake da jimillar botisitin da ke cikinta. To in botisiti sifili ne, daga ina 2πK ya fito? Ya sake lissafin farko, sifili. Ya sake na biyu, 2πK. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Mai tsaron jarrabawa ya ce saura minti biyar. Ya tuna gadon mahaifiyarsa, da yadda za a fitar da shi ta ƙofar gidan mai ƙunci. Lissafin na biyu gajere ne, ba wurin da kuskure zai ɓuya. Na farko kuwa dogo ne, mai ɗauke da alamun cirewa, irin inda ya saba zamewa. Ya sa rula ya ja layi biyu a kan rabin shafi, ya rubuta a ƙasa: tunda sakuleshan ba sifili ba ne, ruwan mai juyi ne.

Da ƙarfe biyu yana da 'yan aji biyu a ɗakin gwaji, domin aiki bai san mutum ya yi jarrabawa ba. Ya cika tanki, ya bari ya natsu, ya cire toshiya, ya ɗora ɗan-leƙe. Bakinsa na faɗin abin da ya saba faɗi, hankalinsa na can kan takarda. Ragar na hannunsa, bai ɗaga ta ba. Ɗan-leƙe ya yi ta matsowa ciki, kibiya na kallon taga, na kallon taga, har ya faɗa cikin ɗan siririn wurin nan na tsakiya. Nan take ya kama juyi kamar katantanwa, jar kibiyar ta koma jan zobe, sannan ramin ya haɗiye shi.

Ɗalibai suka yi dariya. Baba Tanki bai ji su ba. Juyin duk yana nan a tsakiya, a dunƙule wuri guda. Da'irar da aka tambaye shi ta kewaye tsakiyar ne, ta kwaso shi duka. A lissafi ma, in x da y suka zama sifili, ai ƙasan ya zama sifili, lissafin bai aiki a wannan ɗigon. Ko'ina ban da nan, sifilinsa daidai ne. Amsoshinsa biyu duka daidai ne. Ya zauna a kan bokiti a kife.

Kwana tara ya yi bai gaya wa kowa ba. Ya kwance bututu ya ciro ɗan-leƙe, ya goge kwatar gilashi har sau biyu a mako, ya riƙa mayar da abinci kusan yadda aka kawo shi. A rana ta goma Dokta ta aika a kira shi. Ita ce malamar darasin, kuma shekara ashirin da suka wuce shi ya koya mata buɗe bawul ba tare da ta jiƙe takalmi ba. Har yau ba ta zama sai ya zauna.

"Baba, lamba ce a kan takardun, ba suna. Amma rubutunka na kan kowane bawul, ba zan ce ban gane ba." Ta juyo takardar ta fuskance shi. "Arba'in da shida. Hamsin ake nema. Abin da ke ƙarƙashin layin nan maki takwas ne, kuma ko ni ba zan rubuta shi fiye da haka ba."

"Ranki ya daɗe, ai ana iya karantawa. Layi biyu ne kawai. Ki duba, ko alama ɗaya ban ɓata ba."

"Na duba. Na kai wa mai dubawa na biyu, na kai wa shugaban sashe. Da sokewar ce kaɗai, da na yi ta roƙo. Amma ka rubuta akasinsa a ƙasa, kuma shi ne amsarka."

"A yi min tambayar baki. A kai ni gaban tanki, kowa ya zo. Wallahi yanzu na sani. In da'irar ba ta kewaye tsakiya ba, sakuleshan sifili ne. In ta kewaye, 2πK ne komai girmanta. Ki tambaye ni duk abin da kike so."

Muryarsa ta karye, ya ji kunyar hakan, bai kuma iya dainawa ba. Ya ambaci mahaifiyarsa, abin da ya yi rantsuwa a hanya ba zai yi ba. Dokta ta sunkuyar da kai. Ta ce duk da haka ta rubuta takardar roƙo, an dawo da ita shekaranjiya, bakin alƙalami ya bushe.

Can ta ce, "Baba, abu ɗaya ya hana ni sukuni. A ajin nan mutum huɗu ne kawai suka samu sifilin. Me ya sa ka soke?"

Ya daɗe yana kallon layukan nan biyu, miƙaƙƙu tsaf, da rula.

"Na ga nawa ya saɓa da na littafi," ya ce. "Shekara ashirin da bakwai, duk ranar da nawa ya saɓa da na masu takarda, nawa ake sokewa. Sai na ce bari in hutar da ku."

Ya tashi ya mayar da kujerar daidai inda ya same ta, ya tambayi Dokta wa zai ba makullin, kuma ko za a bar shi ya kai ƙarshen wata kafin ya gaya wa tsohuwa.