Sunan da Inna Ta Ƙi Faɗa

Duk sanda kogi ya janye, ƙamshin laka ya shigo gari, sai na tuna shekarar da muka kusa rasa jarafinmu, wato 'yar gonar bakin ruwa da Inna ke shuka kuɓewa da albasa bayan rasuwar Baba. Da ita muke ci.

A ƙauyenmu, kudu da garin Suki, masu iko biyu ne. Akwai shehun gari, wanda ya gāji ubansa, umda, wato hakimi, na samansa. Shi ke fita da igiya bayan ambaliya ya mayar wa kowa iyakarsa, shi ke sasanta manomi da makiyayi. Akwai kuma lajana, kwamitin da maza ke zaɓa da ɗaga hannu a filin makaranta. Rabon sukari, famfo da takardar shaidar zama duk a hannunsu suke, kuma hatiminsu majalisa ta sani. Shehu da shugaban lajana, wani matashin malamin makaranta, gaisuwa kawai ke haɗa su, ita ma a taƙaice.

Sai majalisa ta aiko a rubuta gonakin bakin kogi, wadda ba a rubuta ba ta zama ta hukuma. Inna ta ja ni muka je. Ma'aikacin majalisar, Balarabe ne, ya nemi sunan mai gonar har kakanni, suna huɗu. Inna ta sunkuyar da kai ta ce, "Mai gidan nan ne, Allah jiƙan shi."

Ya maimaita, ta maimaita. Ku da kuka tashi yanzu za ku yi dariya, amma matan zamaninsu ba sa kama sunan miji, ko yana kabari. Mutumin ya ɗauka ƙarya take shiryawa, ya ture takardar. Malam, shugaban lajana, ya yi ta bayani da Larabci, to amma shi ma laƙabin Baba kawai ya sani. Ni haushin Inna ya cika ni, har na tsungule ta.

Malam ya ajiye girman kansa, ya taka da ƙafarsa har zauren shehu. Tsohon ya zo yana dogara sanda, bai ko zauna ba ya jero sunaye huɗun, ya ƙara da wanda ya taso daga Sakkwato, da igiya nawa gonar take. Ya dubi malam ya ce, "Yalla, ya ustaz, buga hatiminka. Nawa aikin ya ƙare."

Ranar na fara jin cikakken sunan ubana.

Yau lajana ta sauya suna da mutane ban san sau nawa ba, ɗan shehu kuwa rabin garin bai san shi ba. Ni kaina ina faɗin sunan mijina a kowane ofis, ko gezau. Amma takardar tana wurina, kuma in na karanta wa 'ya'yana ita, da na iso layin farko sai na ji muryata ta yi ƙasa.