Juma'ar da na kashe kwamfutar Madam

Ni mutum ne mai saurin hannu da saurin baki, kuma duk wanda ya zauna da ni ya sani. Shekara shida na yi ina kula da kwamfutocin wani shagon ɗab'i a Fagge, ba nisa da Kantin Kwari. Katin biki muke bugawa, da kalanda, da 'yan takardun da 'yan kasuwa ke liƙa wa atamfa. Ni na lallaɓa maigidanmu muka koma Linux, wato wani tsarin tafiyar da kwamfuta ɗan gidan Unix, saboda na gaji da cutar kwamfuta da kwastomomi ke kwaso mana a filasha. Da abin ya yi kyau sai kaina ya kumbura. A shagon nan in na yi magana a kan kwamfuta, to an gama.

Mai buga mana rubutu wata mata ce Inyamura, haifaffiyar Sabon Gari, Madam muke ce mata. Hausarta ta fi tawa tsabta, wallahi, don har gyara mini take yi. Mahaifinta tela ne da ya tsufa a Kano. Kafin ya rasu ta zaunar da shi ta naɗi muryarsa a waya, kusan awa biyu, yana ba ta labarin ƙauyensu, da sunayen kakanni ɗaya bayan ɗaya, da yadda ya sauka a tashar jirgin ƙasa ta Kano da keken ɗinkinsa a ka. Ta kwashe muryar zuwa kwamfutar da take aiki da ita, don ta rubuta ta a raba wa dangi ranar addu'ar cikarsa shekara da rasuwa. Bayan kwana biyu aka fizge mata wayar a adaidaita. Ya zama duk duniya babu inda muryar tsohon nan take sai a wannan kwamfutar, kuma ni ban sani ba.

Akwai wata folda da muke zuba aikin kwastomomi na wucin gadi. Da yake faifan ajiyar kwamfutar kullum a cike yake maƙil, sai na shirya wa kwamfutar ta riƙa share duk abin da ya kwana bakwai a foldar nan, kowace Juma'a da ƙarfe ɗaya. Na zaɓi lokacin ne don duk mun tafi masallaci, a tunanina babu mai taɓa komai. Na manta Madam ba ta zuwa masallaci. Ashe wannan awar ce kaɗai take samu shagon ya yi tsit, ta sa abin ji a kunne, ta saurari babanta tana rubutawa. Kuma a cikin foldar nan ta ajiye fayil ɗin muryar, don ita kaɗai ta saba buɗewa. Ban taɓa gaya wa kowa zancen sharar ba. Me zai sa in faɗa? Ai ni ne masani.

Na dawo daga masallaci ga yunwa, ga rana, ga wani Alhaji ɗan Kwari ya riga ni shago yana jiran aikinsa. Madam ta taso, fuskarta duk ta canja.

"Malam, zo ka gani. Sunan fayil ɗin Baba ya ɓace daga folda."

Na leƙa. Babu.

"Amma ka ji," in ji ta. Ta miƙo mini abin jin, ta danna. Sai ga muryar dattijo, a hankali, yana haɗa yarensu da Hausa. "Yana nan yana magana. Na gwada kai shi gaba, na dawo da shi baya, duk yana yi. Don Allah kar ka taɓa tukuna, mu yi tunani."

Kalmar "mu" ɗin nan ce ta ɓata mini rai. Na ce, "Haba Madam, wane tunani? Allon ne ya maƙale. A kashe a kunna, sunan zai dawo."

"Ni dai jikina bai ba ni ba."

"Jikinki ne ya karanta kwamfuta ko ni?"

Alhaji ya yi dariya. Na sa hannu na rufe manhajar da ke kunna muryar, na kashe kwamfutar, na kunna. Folda ta buɗe, babu suna. Na duba kwandon shara, wayam. Sai a lokacin na tuna da sharar ƙarfe ɗaya, kuma na san ita ba ta bi ta kwando. Maimakon in faɗi gaskiya sai na ce mata ta kwantar da hankalinta, gobe zan nemo shi. Na zauna a kan wannan kwamfutar na yi wa Alhaji aikinsa, na yi na wasu mutum uku, har la'asar sakaliya.

Ranar Asabar na cire faifan na kai wa wani dattijo Babarbare da ke da ɗan ofis a bene a Titin Ibrahim Taiwo. Ya daɗe yana harkar manyan kwamfutoci, kuma a wajensa na fara koyon aikin. Na ba shi labari, amma na tsallake inda ta roƙe ni. Sai da ya fara kwafe faifan gaba ɗaya zuwa wani, don kada a sake rubuta komai a kansa. Sannan ya juyo.

"Ka ce muryar tana yi bayan sunan ya ɓace?"

Na ce e.

"Kuma ka rufe?"

Na gyaɗa kai. Ya cire tabarau ya ajiye, ya ce, "Innalillahi. Kai kuwa me na koya maka?"

Ya jawo takarda ya fara zane, kamar ranar da na fara zuwa wajensa. Ya ce folda ba akwati ba ce da fayil ke kwance a ciki. Jeri ce kawai: ga suna, ga lamba. Lambar ita ke kai ka ga wani ɗan kati da ake kira inode, kowane fayil da nasa. A kan katin aka rubuta mai fayil ɗin, da girmansa, da wanda aka yarda ya buɗe shi, da inda gutsattsarinsa suke a kan faifai, don shi faifai an yanka shi gurbi-gurbi ne daidai wa daida. Sunan fayil ma ba ya kan katin. Ya ce, "Kamar a Kwari ne. Kana ganin ƙyallen samfuri da lamba a shago, amma dilolin suna sito, sai mai riƙe da kati ya san wane sito, wane lungu."

Ya ce a tsohon tsari katin na ɗauke da adireshin gurabe goma sha biyu na farko kai tsaye, in fayil ya fi haka girma sai ya nuna wani gurbi da aka cika da sauran adireshi. Irin wanda ke kan faifanmu kuwa yana rubuta cewa daga gurbi kaza a ɗebi kaza a jere. Ko wanne ne, in babu abin da ke kan katin, ba ka san ina za ka nufa ba.

Duk wannan na sani. Abin da ya biyo baya ma na sani, shi ya sa nake jin kamar in nutse. Katin yana ƙirga sunaye nawa ke nuna shi. Sharata ta goge sunan daga jeri, ƙirgen ya koma babu. Amma tsarin ba ya sakin kati da gurabensa muddin akwai manhajar da ke riƙe da fayil ɗin a buɗe. Manhajar Madam ta riga ta bi suna ta kama katin tun kafin ƙarfe ɗaya, ba ta sake bukatar sunan ba. Shi ya sa muryar babanta ta ci gaba da magana. Kuma akwai wurin da tsarin ke nuna fayilolin da kowace manhaja ke riƙe da su. Ta nan sai a kwafe shi sukutum, a sa masa sabon suna. Da na rufe manhajar, riƙon ƙarshe ya saki. Tsarin ya goge adireshin da ke kan katin, ya sa guraben cikin na banza, kowa ya zo ya rubuta.

Ya buɗe mini katin a allo. Yana nan da lambarsa, girma sifiri, wurin adireshi fayau. Ya duba 'yar ma'ajiyar da tsarin ke rubuta canje-canje na baya-bayan nan, ko tsohon kwafin katin ya saura a ciki. Aikin da na yi da yammacin Juma'ar nan ya bi ta kai. Ya rage sai bin faifan gurbi-gurbi ana neman abin da ya yi kama da sauti. Da yake faifan a cike yake lokacin da Madam ta zuba muryar, an warwatsa ta ne a 'yan ramukan da aka samu nan da can, kuma da yawansu yanzu hoton atamfar Alhaji ne a kai. Kwana uku Babarbaren nan ya yi a kan aikin, bai karɓi komai a hannuna ba. Abin da ya fito mai jiyuwa bai kai minti biyar ba.

Ranar Laraba bayan an tashi na nemi gidansu a Sabon Gari. Ban taɓa zuwa ba duk shekarun nan. Ɗaki biyu ne a gidan haya, keken ɗinkin tsohon na nan a baranda an rufe shi da zani. Ta ba ni kujera, ta kawo ruwa, ta kunna abin da na kawo. A guntu ɗaya babanta yana tari yana cewa a rage fanka. Wani yana dariya, ba mu san abin da aka ce ba. Wani kuma ya fara, "shi kuma ya haifi," sai ya yanke. Shafi huɗu kawai ta rubuta kafin Juma'ar nan, ba ta kai kan kakanni ba, kuma babu wanda ya rage a danginsu da ya san jerin.

Na gaya mata komai: sharar da na shirya ban faɗa wa kowa ba, da katin, da aikin da na ci gaba da yi alhali na san na yi ɓarna. Na so ta zage ni, wallahi da na ji sauƙi. Ta saurara har na gama, hannunta a kan gwiwa. Sannan ta ce,

"Malam, da ka bar shi a buɗe yadda na ce, minti nawa zai ɗauke ka ka cece shi?"

Na yi niyyar in ce abin da wuya, sai an yi sa'a. Ba za ta taɓa ganewa ba. Amma bakina ya ƙi.

Na ce, "Ba zai kai minti ɗaya ba."

Ta gyaɗa kai. Ta ce, "To. Na gode da ka zo." Ta miƙe ta raka ni har bakin ƙofa, ta ce in gaida gida.

Washegari ƙarfe takwas tana kan kujerarta tana buga katin bikin wani. Mun ƙara shekara biyu tare a shagon, ba ta taɓa ɗaga mini murya ba, ba ta kuma sake kirana in zo in duba mata komai ba.