Gidan Sauron Audi Mai Gadi

Audi ya yi rabin rayuwarsa yana gadin rumbunan hatsi a kasuwar Daura, kuma ko bayan ya ajiye aikin, halin bai sake shi ba. Komai nasa a kulle yake. Matarsa Kulu ma ba ta taɓa taka lambunsa na bakin fadama ba, sai dai ta dafa abin da ya fito daga ciki. Lambuna na jikin nasa, shi ya sa na san shi.

Da ƙarfinsa ya ragu, ɗansa Sada ya matsa masa ya sayar da lambun, su koma wurinsa Kano. Audi ya ce, "Bari mu ga kabejin bana. In ya lalace, na bi ka." Ya faɗa ne don a ƙyale shi, amma Audi ba ya magana biyu.

Maganin feshi ya daina kashe tsutsar kabeji a fadamarmu, sai Audi ya kawo dabarar masu gadi: ya tattaro tsofaffin gidajen sauro ya lulluɓe kabejin, ya danne bakin da ƙasa. Dabarar daidai ce, da tun ranar dashe ya yi ta. Amma ƙwaron da ke haifar tsutsar ya riga ya zuba ƙwai a bayan ganye. Tsutsa ta ƙyanƙyashe a ciki tana ci hankali kwance, ko tsuntsu ba ya iya kai mata.

Ranar da ya ɗaga gidan sauron, ganyen ya zama kamar rariya. Na ce, "Baba Audi, ka kulle ɓarawo da hatsi." Bai yi dariya ba, na ji kunyar bakina.

Muka daka 'ya'yan darbejiya, suka kwana a ruwa, muka tace, muka sa ɗan sabulu, ya yayyafa da yamma har bayan ganye. Sai dai darbejiya ba ta gaggawa, ci take hana tsutsa a hankali. Dole a bi da hannu a tsince kafin ta shiga zuciyar kabejin. Tsutsar kuwa koriya ce a kan koren ganye, idon Audi ba ya ganinta. Ni ma nawa lambun na jirana.

Washegari da hantsi sai ga shi tafe, Kulu na bayansa da hijabi da tsohuwar roba. Ta tsaya a bakin shinge ta daɗe tana kallo.

"Malam, ashe nan kake wuni?"

Ta tsuguna tana juya ganye tana tsinta, shi yana riƙe mata robar ruwan sabulu. Haka suka yi kullum har kabejin ya naɗe. Ba duka ya tsira ba, amma ya isa Audi ya aika wa Sada buhu.

Sada ya bugo waya ya ce to, ko Inna kaɗai ta zo ta huta.

Kulu ta karɓi wayar. "Ba yanzu ba, ɗan nan. Jibi muke dashe, kuma a ranar za mu rufe da gidan sauro."