Waiwaye da Maganar Man Mota

Ɗan kawuna direba ne, muna ce masa Waiwaye. Tun yana yaro, in ka ba shi alewa sai ya shinshina. Da ya girma ya ƙara wa motarsa madubai har ta koma kamar shagon aski, wai kada a biyo shi. Matarsa ta rantse ko gaisuwa ka yi masa sai ya kwana yana juya ta.

Ya daɗe yana tuƙi a wani kamfanin raba kaya. Wata rana mai ya yi ƙafa daga tanki, manaja ya tara direbobi yana kallon kowa. Ba a kama kowa ba. Amma Waiwaye ya ce shi aka fi kallo, ya ajiye makulli ya tafi.

Sai ga aikin tuƙa motar 'yan makaranta, ga gida babu ko ƙwayar shinkafa. Shugabar makarantar ta ce sai ta tuntuɓi tsohon manajansa kafin ta yanke shawara.

"Ya gama da ni," in ji Waiwaye. "Ɓarawo zai ce. Kai, sarkin surutu, buga masa waya ka ce direba kake son ɗauka, mu ji."

Na kumbura murya na buga. Manaja ya faɗi lokacin da Waiwaye ya fara aiki da lokacin da ya bari, ya ce bai taɓa buga mota ba, amma an taɓa yi masa gargaɗi kan makara.

"Ranka ya daɗe, hannunsa fa? An ce mai ya ɓata."

"An bincika, ba a same shi da komai ba. Abin da zan iya tabbatarwa kawai nake faɗa. In na jefa masa zargi babu hujja, ɓata suna ne, kotu za mu."

"Lafiyarsa fa?"

"Wannan sirrinsa ne, shi za ka tambaya. Af, ka ce wa ɗan kawunka ya daina numfashi a bakin waya."

Na yi dariya har na faɗo daga kujera. Waiwaye ko murmushi. "Ka gani? Ya gane mu, shi ya sa ya yi mana ladabi. Ita shugabar makarantar zai zazzage wa komai."

"Haba yaya, dokar ba ta canzawa da mai tambaya!"

Ina! Washegari na raka shi makarantar, na tsaya a bakin ƙofa. Shugaba ta yi murmushi ta ce, "Na yi magana da manajanka, ya ce—"

Waiwaye ya miƙe zumbur. "Ranki ya daɗe, wallahi ban saci man nan ba! Ko jarkar da aka gani a bayan kujerata ta ruwa ce!"

Ta ajiye makullin motar da ta riga ta ɗauko, a hankali, ta jawo makullin gabanta.

"Makara kawai ya ambata," in ji ta. "Wane mai? Wace jarka?"

Wani aka bai wa motar. Har yau Waiwaye yana cewa da ni aka haɗa baki.