'Yan Alhamis

A asibitin da ke kusa da mu, ranar Alhamis kawai ake ganin masu ciwon ƙwaƙwalwa. Ba su da ɗaki nasu. Ma'aikacin jinyar da ke duba su, wanda muke kira Majo, aron ɗakin awon ciki yake yi, marasa lafiyarsa kuma su jeru a kan benci a baranda, daidai inda matan unguwarmu ta Zango ke wucewa da jariransu. Daga nan kalmar ta fito. A unguwarmu in mutum ya yi wata wauta sai a ce, "Kai ɗan Alhamis ne?"

Ƙanena yana gyaran ƙananan baburan da muke kira mobilet a bakin titi. Shekara uku yana zama a kan bencin nan sau ɗaya a wata, a yi masa allura, ya koma aikinsa lafiya lau. Ni ke riƙe katinsa, ni ke ƙirga kwanaki. Ni mace ce mai yawan fargaba. Nakan koma in taɓa kwaɗon rumfata a kasuwar Rood Woko sau uku kafin in tafi gida.

Wata rana Majo ya ce da ni majalisar da ke tafiyar da asibitin za ta zauna kan kasafin shekara mai zuwa, kuma shugabanta ya yarda a saurari mutum ɗaya daga iyalan marasa lafiya. Abin da ake nema shi ne sashe na musamman: ɗakin duba marasa lafiya a buɗe kullum, gadaje kaɗan don wanda ciwon ya tasar wa, da ƙarin ma'aikaci.

Na ce, "Majo, ni aji shida na tsaya. Faransancina na ciniki ne."

Ya ce, "Madam, minti biyar ne. Ni zan rubuta, ke ki karanta."

Ya rubuta shafi ɗaya da rabi. Sati uku ina bitarsa tsakanin dilolin atamfa, har maƙwabciyar rumfata ta soma kirana "Minista". Amma a cikin satuttukan nan wani abu ya faru. Wani mai mobilet ya yi gardamar farashi da ƙanena, ya ce a gaban jama'a ba zai sake ba ɗan Alhamis injinsa ba. Da ranar allura ta zo, ƙanena ya ƙi zuwa. Na yi lallashi, na yi kuka. Ya ce, "Yaya, gara in mutu a kan tabarmata." Barcinsa ya soma raguwa, kuma na san abin da ke biyo bayan wannan. Ban gaya wa Majo ba, kunya ta hana ni, kullum ina cewa gobe zai yarda. Majo kuwa marasa lafiya sun yi masa yawa, bai lura ba.

To a takardar akwai layin da ya ce ƙanena bai taɓa fashin allura ba, yana nan lafiya. Lokacin da aka rubuta shi gaskiya ne. Yanzu ba gaskiya ba ne. In na karanta na yi ƙarya a gaban manya. In na faɗi gaskiya, ina tsoron su ce to me amfanin kashe kuɗi kan mutanen da ba sa zuwa, in zama ni na rusa wa Majo aikinsa.

Ana gobe taro na sami ƙanena yana wanke hannu da fetur. Na ce zan ambace shi, ko da ba suna, ya yarda?

"Faɗi, Yaya. Akwai wanda bai sani ba a Zango? Har awaki sun sani." Sai ya ƙara da cewa, "Amma kar ki ce musu na warke. Ce musu bencinsu ne ba na so."

Ɗakin taron na da sanyin na'ura, da dogon tebur, mutum goma sha wani abu, kowa da kwalbar ruwa a gabansa. Shugaban dattijo ne mai furfura. Ga daraktan asibitin, ga mai kula da kuɗi, ga wakilan likitoci da na ma'aikata. Majo na can baya kusa da ƙofa, shi ma baƙo ne kamar ni. Na yi bismillah a zuciya na fara. Kalmomin na fita daidai, har na iso layin nan. Sai na tsaya.

Na ce, "Ranka ya daɗe, wannan layin ba zan iya karanta shi ba. Ka ba ni izini in yi da Mosanci, harshen garin nan?"

Ya ɗaga hannu alamar in ci gaba. Ban yarda na dubi Majo ba.

Na gaya musu maganin yana aiki, na gani da idona shekara uku. Na gaya musu ƙanena ya bar zuwa, da dalilin. Na ce a Zango ba ma cewa mahaukaci yanzu, sunan ranar asibitinku muke kira. Wani ya yi 'yar dariya, sai ya mayar da ita tari. Na ce mai ciwon suga yana zuwa ranar da ya ga dama, ba wanda ya san abin da ya kawo shi. Namu kuwa ranarsu kaɗai ta isa ta tona musu asiri. Na ce kuma ciwon ba ya jiran Alhamis. Lokacin da ya fara kama ƙanena ranar Asabar ce, sai da muka ratsa gari da shi a tasi, maza biyu na riƙe da shi, zuwa babban asibiti.

Mai kula da kuɗi, wata mace mai tabarau, ta ce, "Madam, in muka ba su ƙofa tasu, ba za a koma ce musu 'yan ƙofar can ba?"

Wannan ba ya cikin takarda. Na ce, "Zai yiwu, Hajiya. Bakin mutane ba ya da kwaɗo. Amma in ƙofar na cikin layin da ake awon jini da karɓar magani, kowa can yake bi. Kar dai a kai su bayan gini kusa da ɗakin gawa."

Ta rubuta wani abu. Shugaban ya yi godiya, aka ce mu fita su tattauna.

A baranda na ce, "Majo, ka yafe mini, na ɓata maka takarda."

Ya ce, "Takarda ba komai. Abin da ya ɓata mini rai, sati nawa bai yi allura ba ba ki faɗa mini ba?"

Ba duk abin da aka nema aka samu ba. Sun amince a gyara tsohon ɗakin ajiya da ke kusa da wurin awon jini, da gado biyu, a cikin kasafin baɗi. Ƙarin ma'aikaci kuwa sai an rubuta wa ma'aikatar lafiya. Amma darakta ya ce kafin a gama gyara, masu allurar wata-wata su riƙa zuwa ɗakin allura na kowa, kowace rana ta aiki.

Na kai wa ƙanena labari. Ya daɗe yana juya sufana a hannu.

"Talata fa?"

"Har Talata."

Ranar Talata ya ɗauke ni daga kasuwa a bayan mobilet ɗinsa. Ya zauna a layi tsakanin wani tsoho mai ɗaurin ƙafa da wata yarinya da kare ya ciza. Tsohon ya tambaye shi me ya kawo shi, ya ce allura. Tsohon ya ce shi ma. Ni kuwa sai a lokacin na tuna ban koma na taɓa kwaɗon rumfata ba, kuma ban tashi daga bencin ba.